Kan Ɗamarar Aisami

Duk wanda ya ci kasuwar Gure a shekarun da kayan kanti suka fara cika gari ya san rumfar Garbai maƙerin fari. Ba don kyanta ba, rumfa ce karkatacciya wadda ko akuya ta jingina da ita sai ta yi ƙara. An san ta ne don abin da ake kai wa mai ita. Garbai yana ƙera zobba da mundaye da kwalliyar kuben wuƙa, amma a ƙarshen zamaninsa rabin masu tsayawa gabansa ba saye suke zuwa yi ba. Abin da suka riga suka saya a Damagaram ko Kano suke kawowa ya duba musu, musamman kan ɗamara, ƙarfen nan da ake maƙala fata a ciki, wanda masu aikin bariki ke ce wa bukul. Samari sun haukace a kansa a lokacin. Yaro bai mallaki wando biyu ba, amma sai ka gan shi ya ɗage riga don a ga abu na walƙiya a cikinsa.

Dubawar Garbai ba ta da tsawo. Zai ɗora abin a tafin hannu ya ɗan jefa shi sama ya cafe. Zai juya bayansa ya gani ko tagulla ce zalla, ko kuwa falle ne aka danna a inji aka cika ramin da darma don ya yi nauyin ƙarya. Zai sa farcen babban yatsa cikin zanen ya ja. In farce ya nutse ya tsaya, kurfi ne, ƙarfen zane na hannu, ya yanka shi, zai kai jikoki. In ya zame, bugun inji ne. Daga nan sai ya kai shi rana ya duba gefuna da kusurwoyi, inda ruwan azurfa ke fara koɗewa, jan tagulla ya leƙo. Da wannan yake gaya maka ko sabo aka sayar maka ko wanda wani ya gama yayi da shi.

Ranar kasuwar da wannan abu ya faru, wani gardi mai suna Abarshi ne tsaye gabansa, ya cire ɗamara ya miƙa yana hura hanci.

"Baba, azurfa ce tsantsa, ko? Ji nauyi."

"Nauyi kam akwai," in ji Garbai. Ya karci bayan da bakin kurfi, toka-toka mai laushi ta bayyana. "Darma ce, ɗana. Kada ka zauna kusa da murhu da ita, sai wandonka ya faɗi."

Masu zama a gefen rumfa suka kwashe da dariya, gardi ya fizge abinsa ya tafi yana ƙunƙuni. Garbai bai yi dariya ba. Rabonsa da dariya tun shekarar fara, da fara ta cinye gonaki, shekarar da ɗansa Aisami ya bi ayari gabas neman abinci, ya ce zai kai har Lami, birnin Nasara da ke bayan tafki, ya nemi aiki. Shekara shida ke nan, babu shi babu labarinsa. Shi kaɗai Allah ya bar musu. Matar da Aisami ya bari ta jira har ta gaji, alƙali ya raba auren, ta yi wani a Kelle, kuma babu wanda ya ga laifinta. Garbai ya haƙura irin haƙurin maza, wato ya daina magana. Uwar yaron, Yakura, ita ce ta ƙi. Ta hana a yi sadaka, ta hana a taɓa ɗakinsa, tari ya kama ta, ta rame ta zama kara. A bana ma ta daina fita tsakar gida sai an riƙe ta.

Abarshi bai yi nisa ba sai ga Biba maƙwabciyarsu tana ratsa kasuwa, zane na neman kwancewa.

"Malam Garbai, albishirinka!"

"Goro," ya ce, hannunsa na kan masaba.

"Aisami na nan da rai! Wani falke ya zo gidanku yanzu ya faɗa. Ya gan shi da idonsa a Lami, har ya ba shi shaida ya kawo. Wallahi Yakura ta miƙe da ƙafarta, na baro ta tana neman turmi!"

Masaba ta sulale ta faɗi ƙasa. Mutane suka yi caa, wannan na cewa barka, wancan na cewa Allah mai iko. Garbai bai kai ga tashi ba. A zaune falken ya iske shi.

Ɗan Talata ne, falken Damagaram mai safarar kanwa da gishiri, wanda a da can yakan sayi zobban rataya wurin Garbai ya kai gabas. Ya durƙusa ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya sake tambayar gida. Idonsa kuwa yana kan zugazugi, yana kan gawayi, yana ko'ina ban da fuskar tsohon. Can ya ciro ƙullin tsumma daga aljihu ya miƙa da hannu biyu.

"Fatar ta tsufa, Baba, shi ya sa ya ce in kawo kan kawai."

Garbai ya kwance ƙullin. Tun kafin ya gani da kyau, tafin hannunsa ya gane nauyin. Shi ne. Kan ɗamara na kanti, faffaɗa, tagulla zalla mai ruwan azurfa, wanda Aisami ya sayo a Damagaram kafin tafiyarsa. Sun yi rigima a kansa, don ciwo ne ɗan maƙeri ya ɗaura aikin inji. Amma da yaron ya nace, uban ya karɓa ya zana masa igiyar ganye a kewaye, kurfi ya huda farin ruwan, zanen ya fito ja a kan fari. A kusurwar ƙasa kuma akwai wani ɗan karkataccen layi mara zurfi, inda Aisami ya karɓi kurfi ya ce shi ma zai gwada, ya yi bugu uku ya ajiye ya ce ƙira ba tasa ba ce. Uwarsa ta yi kwanaki tana yi masa tsiya a kan layin nan.

Hawaye suka cika idon tsohon. Sai dai hannun da ya shekara arba'in yana abu ɗaya ba ya jiran izinin mai shi. Farce ya shiga zanen ya ja, sai ya ji ƙaiƙayin bakin yanka yana kama shi, wannan ƙayar da kurfi ke tayarwa, wadda riga ke cinyewa cikin 'yan watanni. Ya karkata shi ga rana. Kusurwoyi huɗu fari fat. Inda harshen ƙarfen ke kwanciya a kan baki, wurin da shekara guda ta isa ta yi gurbi, ko alama babu. Ɗan layin Aisami ma yana nan sabo, kamar jiya ya ajiye kurfin. Shi da bakinsa ya gaya wa yaron cewa wannan ruwan ba zai ga damina biyu a cikinsa ba. Abin da ke hannunsa bai yi wata biyu a jikin mutum ba.

Ya ɗaga kai ya dubi masu barka. "Ku ɗan ba mu wuri, za mu yi maganar gida."

Da suka watse ya ce, "Ɗan Talata, matso."

Falken ya matso.

"Daga ƙugunsa ya cire ya ba ka?"

"Daga ƙugunsa, Baba."

"Kullum yana ɗaure da ita?"

"Kullum. Ai ba ya rabuwa da ita."

"Ka ji tsoron Allah. Ni kake gaya wa haka, da abin a hannuna?"

Ɗan Talata ya sa yatsa yana tonon ƙasa. Da ya buɗe baki muryarsa ta sauka har sai da Garbai ya sunkuyo. A wata rijiya gaba da Maine ya samo shi, wurin wani makiyayi. Makiyayin ya ce a shekarar fara suka tarar da gawar wani saurayi a gindin aduwa, nesa kaɗan da hanya, da alama ciwo ya kayar da shi ayari ya wuce. Suka yi masa sutura yadda suka iya. Abin da ke jikinsa laya ce, da ƙaramin awartaki irin na maƙeran fari, da wannan. Makiyayi ba ya ɗaura irin wannan ɗamara, sai ya jefa kan cikin burgamensa, jakar fata, ya manta. Ɗan Talata na ganin igiyar ganyen ya gane hannun Garbai. Ya same shi ya yi baƙi, ya wanke da tsamiya da toka, ya ɗauko don ya kawo ta'aziyya.

"Gida na fara zuwa, na zaci kana nan. Na yi sallama na ce ko nan ne gidan su saurayin da ya yi gabas. Ban rufe baki ba na ji ta faɗo daga gado, ta rarrafo har bakin zana tana cewa, yana da rai? Yana da rai? Baba, na ga hannunta da ta dafa ƙasa, duk ƙashi. Bakina ya ce e. Da na ce e kuma sai ta yi ta tambaya, ni kuma na yi ta ƙarawa."

"Me ka ƙara?"

"Na ce yana aikin jirgin ruwa a bakin kogi. Na ce ya yi aure, har da 'yar mace."

Kai, Ɗan Talata! Mutum ya zo ta'aziyya ya ɓuge da raɗin suna. Garbai ya so ya zage shi, ya duba cikinsa bai sami zagin ba. Ya ce inna lillahi a hankali, ya maimaita. Ashe duk shekarun nan da Yakura ke ajiye wa yaro tuwo a rufe, yana kwance tafiyar 'yan kwanaki daga ƙofar gida.

"Ta ga wannan?"

"A'a. Na ce sai na fara ba ka."

"Yaushe za ka bar gari?"

"Gobe da asuba."

"To ka bar shi yau. Kada ka sake bi ta ƙofata."

Falken ya tashi ya tafi, Garbai ya zauna da abin a hannu. Da wata mace ce, za a iya miƙa mata wannan ƙarfe a ce ga shaida ta karɓa, amma ba Yakura ba. 'Yar maƙera ce gaba da baya, kuma tun aurensu ita ce mai goge masa aiki. Duk munduwar da ta fita daga rumfar nan ta bi ta hannunta da yashi da garin gawayi. Ta san sabo, ta san wanda ya sha jiki, ko da ido a rufe. In ya kai mata shi haka, kafin ya zauna ta gama karanta shi, kuma ya san ba za ta sake tashi daga inda ta faɗi ba. Ya tuna maganar Biba, wai tana neman turmi. Rabon da ya ji ƙarar taɓarya a gidansa har ya manta.

Ya sauke tabarmar bakin rumfa kamar mai shirin sallar azahar, ya juya wa kasuwa baya.

Bai taɓa yin irin wannan aiki ba, amma ya kama masu yinsa ta ɗaya gefen, masu sabunta tsoho, don haka ya san inda ido ke zuwa. Magagari ba zai yi ba, haƙorinsa na barin sawu. Ya tankaɗe yashi mai laushi, ya jiƙa guntun fata, ya fara da kusurwoyi. Farin ya yi ta ja da baya, jan tagulla na fitowa. Bai ci su daidai ba, don jiki ba ya cin ƙarfe daidai. Aisami yana da ɗabi'ar soka babban yatsan hagu a ɗamara in yana tsaye yana surutu, sai uban ya fi cin gefen sama na hagu, ya lallaɓa shi har ya yi santsi. Ya tuna yaron mai son durƙuso ne wajen cin abinci, ciki na danna bakin sama, ya ƙara a nan. Da siririyar waya da yashi ya yi gurbin harshe. Ya bi igiyar ganyen ya kashe ƙayar, ya dasashe bakin yankan da shi kansa ya yi alfahari da zurfinsa. Yana yi yana ganin yaron a shekarun da bai yi ba, yana tsaye bakin kogin da bai kai ba, yatsa a ɗamara.

Sai ya iso kusurwar ƙasa, ya tsaya.

Zane mara zurfi shi ke fara tafiya, ko yaron maƙera ya san wannan. Layin da bai kai kaurin gashi ba, kuma a kusurwa, ba zai kai shekara shida ba. In ya bar shi, duk sauran aikin ya tashi a banza. Amma duk duniya babu wani abu da hannun Aisami ya yanka a ƙarfe sai wannan bugu uku. Garbai ya sa farce a kai ya bi shi daga farko zuwa ƙarshe, ya sake bi. Ya yi kuka a nan, kukan tsoho mara sauti, majina na zuba a gemu. Da ya gama ya share fuska da hannun riga, ya dangwali yashi ya goge layin, kuma bai ɗauki lokacin shan ruwa ba.

Saura gyara. Ya bi ko'ina da garin gawayi da man shanu har sawun yashi ya ɓace, ya murza da tafin hannu, ya cusa baƙin tukunya da dauɗar mai cikin zanen ya share sama. Da la'asar ya kai shi rana ya duba kamar wani ne ya kawo masa. Ya jefa ya cafe, ya ja farce. Da baƙo ne ya miƙo masa, da ya rantse abin ya shekara shida a cikin mutum mai ƙiba da walwala. Bai taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba, kuma ya tsani hannunsa saboda haka.

Tun daga lungu ya jiyo ƙamshin miya. Ya tarar da Yakura zaune bakin murhu, ta yi wanka ta sa kwalli, mata cike da gida. Tana ganinsa ta miƙo hannu ba ko sannu da zuwa.

"Malam, ba ni."

Ya ba ta. Ta auna a tafi kamar yadda yake yi, ta kai shi haske. Mata suka matso suna leƙe. Yatsanta ya bi gefen sama ya tsaya a hagu, ta yi wata 'yar dariya.

"Har yanzu bai daina soka yatsa ba, ja'irin."

Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne. Ta juya ta duba gurbin harshe, ta kai farce kusurwar ƙasa tana lalube. Ta laluba, ta sake lalubawa. Garbai ya tsura wa yatsanta ido.

"Ina ɗan karcen nan nasa?"

"Wane zurfi gare shi da zai zauna?" in ji shi. "Riga ta cinye."

Ta dube shi, ta dubi ƙarfen, sai ta rungume shi a ƙirji ta fashe da kuka da dariya a haɗe. "Ta cinye! Biba, kin ji, riga ta cinye! Na ce muku yana nan, kuka mai da ni mahaukaciya. Matacce yana cinye ƙarfe?" Biba ta rangaɗa guɗa. A ranar Yakura ta ci tuwo malmala guda ta nemi ƙari, Garbai kuwa ya ce zafin wuta ya hana shi ci.

Kwanaki suka biyo masu daɗi, in za a kira su haka. Tarin bai tafi ba, amma ta koma ɗebo ruwa, ta koma zagin kaji. Ta sa igiya ta rataya kan ɗamarar a wuya, duk wanda ya shigo sai ta nuna masa. Garbai ya fara gaya wa kansa cewa ƙaryar da ta tayar da mara lafiya Allah ba zai kama shi da ita ba.

Ran nan Fannami ya zo barka. Shi ma maƙerin fari ne, tare suka koyi sana'a da Garbai a gaban mutum ɗaya. Yakura ta cire ta miƙa masa da alfahari. Fannami ya auna, ya ja farce, ya kai hanci ya shinshina. Ya daɗe yana kallon bayan ƙarfen, inda sandar da fata ke naɗewa take, wurin da Garbai cikin sauri bai taɓa ba. Ya ɗago ya dubi abokinsa.

"Ya sha jiki," ya ce, ya mayar mata. "Allah ya sada ku da alheri."

Da Garbai ya raka shi ƙofa, Fannami ya tsaya yana gyara takalmi, bai ɗago ba. "Man shanun bana ne a cikin zanen. Kuma ka manta sanda."

"Za ka faɗa?"

"Ni? Wa ya aike ni? Amma Garbai, wanda ya haƙa rijiya ya san zurfinta. Ka san matarka."

Ya san ta kuwa, sai dai bai yi tunanin abin da Fannami ya hango ba sai da aka gama girbi. A lokacin ne masu niyyar Makka ke ratsa Gure a ƙafa, su yi gabas da jakunansu, kuma hanyarsu ta Lami take bi. Wani ayari ya sauka bayan gari zai huta kwana biyu. Da hantsi Garbai ya dawo ɗaukar gawayi ya tarar babu awakin Yakura a turke, ga jaki ɗaure a wurin, ga ta tana ɗura gero a taiki.

"Mene ne haka?"

"Na yi magana da madugunsu. Ya ce in muna da abin hawa da guzuri za mu iya bin su."

"Mu bi su ina?"

"Haba Malam. Yaro ya aiko da shaida, me kake so ya ƙara yi? Kunya ce ta hana shi dawowa hannu wofi, na san halinsa. In shi ba zai zo ba, ni ba ni da ƙafa? Ga jika mace ban ga idonta ba."

"Yakura, tafiyar wata da watanni ce. Ke da ba ki iya kaiwa rijiya sai kin huta?"

"Zan hau jaki."

"Mu jira baɗi. Mu aika tukuna, a gaya masa ya zo."

"Baɗi?" Ta daina ɗura geron ta dube shi. Ta yi tari a gefen zane, ta naɗe wurin da sauri, amma ya ga jan. "Kai ma ka san ba ni da baɗi. Ka bar ni in gan shi, ko daga nesa ne. In ba za ka ba, ka zauna da rumfarka, ba zan riƙe ka a zuci ba."

Ya bi ta kowace hanya. Ya kawo maganar 'yan fashi, ta ce Allah ke tsarewa. Ya kawo maganar takardar Nasara a kan iyaka, ta ce madugu ya san inda ake ratsewa. Ya turo Biba, ya turo liman, ta saurare su da ladabi ta ci gaba da ɗinkin 'yar rigar jika. Da ya ce wa ya sani ko falken ƙarya ya yi, sai ta ciro kan ɗamarar daga wuya ta ɗora masa a hannu.

"Bar falke. Kai fa? Duk Gure wa ya fi ka sanin ƙarfe? Duba ka gaya mini wannan bai sha jiki ba."

Ga ƙofa ta buɗe masa. Ya dubi aikinsa, ya dubi fuskarta da ta ɗan ciko a watan nan. Abin da zai nuna mata ta yarda, farin kusurwa da ƙayar zane da ɗan layin nan, shi da kansa ya goge su. Abin da ya rage bakinsa ne kawai, ya ce mata ɗanki ya mutu tun shekarar fara, kuma ni na zauna na shafe sawun hannunsa na kawo miki. Ya buɗe bakin.

"Ya sha jiki," ya ce.

Da yamma ya kwashe uwar maƙera da zugazugi da kurafansa ya kai gidan Fannami ya ce ajiya. Fannami ya karɓa bai tambayi ranar dawowa ba. Ya ce kawai, "Ka gaya mata, Garbai. Gara ta mutu a ɗakinta."

"Zan gaya mata kafin mu fita gari."

Washegari da rana ta ɗago ayari ya ɗaure kaya. Maƙwabta suka rako su har bayan gonaki, Biba na kuka tana cewa a gai da Aisami, a ce masa ya yi laifi. Garbai na riƙe da igiyar jaki. Ya ce a ransa in sun wuce gonar ƙarshe zai faɗa. Suka wuce ta. Ya ce in 'yan rakiya sun juya. Suka juya. Hanya ta miƙe cikin rairayi, babu kowa sai bayan mutanen da ke gaba, ya tsaya cak ya kira ta.

"Yakura."

Ta ƙi hawa jakin, wai kada ya gaji tun yau. Tana gaba da shi da 'yar sanda, tana haki, ƙafafunta sirara suna nutsewa a yashi tana zaro su. Ta waiwayo, fuskarta a sake kamar ta yarinya.

"Me kuma aka manta?"

Ya dube ta. Ya san ba za ta ga Lami ba, ya kuma san in ya yi magana ba za ta ga Gure ba, ga ta nan bayansu ana hango rumbunanta.

"Ba komai," ya ce.

"To ɗaga ƙafa, Malam, kada su bar mu."

Ya ja jakin ya bi ta.